Wa zai sanar da zaure idan lodin dare ya faɗi ko ya maƙale? Hanyoyi huɗu a kan sikeli

Duk wanda ke kula da lodin bayanai na dare yana son abu guda: idan aikin ya lalace, saƙo ya shigo zauren ma'aikata kafin masu duba rahoton safe su fara tambaya. Yawanci ana ɓata lokaci a kan gardamar Telegram ko Slack, alhali wannan ita ce ƙaramar tambaya. Babbar ita ce wane ne zai aika saƙon. Aikin da kansa, ko manhajar da ke tsara shi, ko wani mai gadi da ke zaune a waje? Amsar ce ke nuna irin lalacewar da za ka ji labarinta, da wadda za ta wuce shiru.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce kana da lodi da ke tashi ƙarfe 1:00 na dare, yana kwaso cinikin jiya daga rumbun bayanai ya zuba a inda ake haɗa rahoto. Yakan ci minti 40 zuwa 55, a ƙarshen wata ya kai 80. Ana buƙatar rahoton ƙarfe 7:00 na safe.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko ya fi sauran nauyi, wato irin lalacewar da hanyar ke iya gani. Lodin dare yana lalacewa ta fuska huɗu. Yakan faɗi da kuskure, kamar kalmar sirri ta daina aiki ko an sauya sunan wani ginshiƙi a tebur. Yakan maƙale, yana jiran makullin da wani aiki ya riƙe a rumbun, bai mutu ba kuma bai motsa ba. Sabar da yake kai takan mutu ana tsakiyar aiki. Sannan akwai wadda ta fi ban haushi: bai ma tashi ba, saboda wani ya taɓa `crontab`, fayil ɗin jadawalin da `cron` ke bi wajen tayar da ayyuka, ya manta, ko sabar ta sake kunnuwa ba tare da mai tsara ayyukan ba. Biyun farko suna barin wani abu da rai da zai iya magana. Biyun ƙarshe ba sa bari, domin wanda ya mutu ba ya kai labarin mutuwarsa.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi, da wahalar kafawa, da ɗorewa (shin bayan shekara ba a taɓa shi ba yana nan yana aiki?), da haɗarin da hanyar ke jawowa ita kanta.

Kafin a zaɓi komai, sai an yanke me ake nufi da "ya daɗe fiye da kima", don babu manhajar da za ta yanke maka. Ni ina ganin iyaka biyu ake buƙata. Ta farko ta gargaɗi ce, ana ciro ta daga tarihin aikin: duba tsawon lodin na wata biyu ko uku, ɗauki mafi tsawon da ba matsala ba ne, ka ƙara masa kaɗan. A misalinmu minti 80 ne, sai a sa 90, wato ƙarfe 2:30. Da ka ɗauki matsakaicin, minti 50, da zauren ya riƙa kururuwa duk ƙarshen wata har mutane su rufe masa baki. Ta biyu ta yankewa ce, ita kuma daga wa'adin safe ake lissafo ta da baya. Sake lodi na iya cin minti 80, mutum kuma yana buƙatar kamar minti 40 ya farka ya gano matsalar, to dole a fara gyara kafin 5:00. Kashe aikin bayan awa 3, ƙarfe 4:00, ya bar rarar awa guda.

Hanya ta farko: aikin ya sanar da kansa

Nan kowa ke farawa. Ana naɗe lodin cikin ɗan sikirif, idan ya fita da lambar da ba sifili ba sai a tura saƙo. Ga yadda yake da Telegram:

```bash
set -euo pipefail
sanar() {
  curl -fsS -m 10 --retry 3 -d "chat_id=$CHAT_ID" \
    --data-urlencode "text=$1" \
    "https://api.telegram.org/bot$TOKEN/sendMessage" >/dev/null
}
trap 'k=$?; [ $k -eq 0 ] || sanar "Lodi ya fadi, lamba $k"' EXIT
timeout 3h ./lodi.sh
```

Kuɗi babu ko sisi, kafawa kuma aikin rabin awa ne. Lambar fitar ma tana ba da labari ga wanda ya iya karanta ta. Idan ka ga 124, `timeout` ne ya yanke aikin bayan awa 3. Idan 137 ce, an kashe shi da `SIGKILL` (128 a tara da 9), kuma galibi ƙarewar memori ce ta jawo. Lura da dalilin da ya sa aka raba sikirif ɗin naɗi da `lodi.sh`: `trap` ba ya iya tare `SIGKILL`, don haka da a cikin lodin kansa ka sa shi, ranar da memori ta ƙare ba za ka ji komai ba. Na waje ne ya tsira ya ba da labari.

Abubuwa biyu sukan kayar da wannan hanya tun ba a je ko'ina ba. Na ɗaya, bututu: in ka rubuta `lodi | tee kundi.txt` ba tare da `pipefail` ba, lambar fitar ta `tee` ce za a duba, kuma `tee` kusan kullum lafiya yake fita. Na biyu, `cron` yana gudanar da aiki da gajeren `PATH` kuma ba ya karanta saitunan da ke buɗuwa idan ka shiga da hannu, sai `$TOKEN` ya zo wayam. Ka gwada da rana ya yi, da dare ya yi shiru.

Game da daɗewa, abin da ke sama yankewa kawai ya sani. Za ka ji labari ƙarfe 4:00, ba 2:30 ba. Ana iya tayar da wani ɗan aiki a gefe ya yi barcin minti 90 sannan ya duba, amma daga nan sikirif ɗin ya fara zama abin da shi ma ke buƙatar mai kula. Babban rauninta kuwa ba ya gyaruwa daga ciki: in sabar ta mutu ko `cron` bai tashi ba, zauren zai kwana shiru, shirun da ba shi da bambanci da na daren da komai ya tafi daidai. Wasu sukan ce to a riƙa tura "an gama lafiya" kowane dare. Sati biyu ake karanta irin wannan saƙo, daga nan ido ya saba, ranar da bai zo ba babu mai lura.

Hanya ta biyu: manhajar tsara ayyuka

Idan lodin yana gudana ƙarƙashin Apache Airflow, kayan aikin suna nan a ciki. `on_failure_callback` yana kiran aikin da ka ba shi idan mataki ya faɗi, kuma sai bayan an ƙare duk `retries` ɗin da ka sa. Wannan kyakkyawan hali ne: tsinkewar haɗi ta minti ɗaya da ta gyaru a gwaji na biyu ba za ta tayar da kowa daga barci ba. Saƙon kuma yakan fi na sikirif amfani, domin Airflow ya san sunan matakin da ya faɗi, da ranar bayanan, da inda kundin aikin yake. Ko injin da ke gudanar da matakin ya mutu, mai tsarawar yana gane cewa matakin ya daina amsawa, ya ɗauke shi a matsayin wanda ya faɗi.

Wajen daɗewa ne ake yawan ruɗewa. `execution_timeout` yankewa yake yi, ya kashe matakin sannan, in babu sauran `retries`, saƙon faɗuwa ya fita, wato iyakarmu ta awa 3. Gargaɗi ba tare da kisa ba a Airflow 2 aikin `sla` ne da `sla_miss_callback`, wanda ba ya ƙirga daga lokacin da matakin ya fara, daga jadawalin yake ƙirgawa, kuma ba ya duba ayyukan da aka tayar da hannu. An cire shi a Airflow 3.0 da ya fito a 2025, aka kawo Deadline Alerts a 3.1. Duk wanda ya gina gargaɗinsa a kan `sla` ya duba wannan kafin ya ɗaukaka manhajar.

Kuɗinta ya dogara da inda kake tsaye. In Airflow na nan yana aiki, layuka kaɗan ne. In babu shi, kafa shi don lodi ɗaya ɗaukar dala ba gammo ne: ga mai tsarawa, ga rumbun bayanansa, ga shafinsa na yanar gizo, kowanne da kulawarsa. Kuma gurbin nan da ba a gani bai rufe ba, hawa ɗaya kawai ya yi sama. Idan mai tsarawar ya tsaya, ko wani ya dakatar da DAG ɗin, wato jerin matakan aikin a Airflow, don gyara ya manta bai mayar ba, babu abin da ya faɗi, saboda haka babu saƙo. Sabon DAG ma a dakace yake zuwa a saitin asali.

Hanya ta uku: mai gadi na waje

Wannan ta juya tambayar. Maimakon a jira aikin ya ce "na faɗi", sai wata manhaja a wata sabar daban ta zauna tana jiran ya ce "na gama". In lokacin ya wuce bai ce ba, ita ce ke tura saƙo zaure. Healthchecks.io da Cronitor suna cikin masu wannan hidima. Da Healthchecks.io layi uku ne:

```bash
curl -fsS -m 10 --retry 5 "https://hc-ping.com/$UUID/start"
timeout 3h ./lodi.sh
curl -fsS -m 10 --retry 5 "https://hc-ping.com/$UUID/$?"
```

Layin farko ya ce an fara. Na ƙarshe ya aika lambar fitar lodin: sifili nasara, duk wata lamba faɗuwa. A shafinsu sai ka sa jadawalin `0 1 * * *`, ka zaɓi yankin lokaci, ka sa `Grace Time` minti 90, ka haɗa da zauren Telegram ko Slack. Kada ka sa `set -e` a nan, in ba haka ba lodin na faɗuwa sikirif ɗin zai tsaya bai kai layi na uku ba. Shi kuma `-m 10` amfaninsa kada jiran mai gadin ya riƙe lodin.

Yanzu bi lalacewar nan huɗu. Kalmar sirri ta mutu ƙarfe 1:02, lamba 1 ta tafi, saƙo ya shigo nan take. Lodi ya maƙale a kan makulli: an ji farawa, ba a ji gamawa ba, ƙarfe 2:30 saƙo ya shigo alhali aikin na nan da ransa, mai tsaron dare yana da damar sakin makullin ya bar lodin ya ƙarasa ba sai an sake daga farko ba. Sabar ta mutu 1:20, saƙo 2:30. `cron` bai tashi ba, saƙo 2:30. Duka huɗun sun kamu. In kuma aikin ya ƙarasa daga baya, saƙon dawowa lafiya zai biyo, wanda ke hana mutum biyu su tashi a kan matsalar da ta riga ta wuce.

Tsarin kyauta na Healthchecks.io yana ɗaukar ayyuka 20, manhajar kuma buɗaɗɗiya ce, kana iya kafa ta a sabarka. Amma in ka kafa ta a sabar da lodin ke gudana, ka mayar da mai gadi cikin ɗakin da ake gadi.

Tana da nata aibobin. Saƙonta gajere ne: ta san aikin bai gama ba, ba ta san dalili ba, sai dai ka haɗa jelar kundin aikin a cikin kiran ƙarshe. Iyakar lokaci ɗaya ce ke auna rashin tashi da daɗewa, don haka aikin da bai tashi 1:00 ba sai 2:30 za a ji shi. Mai son ji 1:10 sai ya buɗe gadi na biyu mai gajeren lokaci wanda ake kira a farkon sikirif. Tsinkewar intanet tsakanin sabarka da mai gadin tana haifar da kururuwar ƙarya, lodi ya gama lafiya amma labarin bai isa ba. Inda aka hana saba fita intanet kuwa, sai an nemi izini ko a kafa ta cikin gida. Yankin lokaci ma tarko ne: sabar tana kan UTC, kai ka sa wa mai gadin agogon da ake ja gaba da baya sau biyu a shekara, sai wata rana ka tarar sun saɓa da awa guda.

Hanya ta huɗu: Prometheus da Alertmanager

Prometheus zuwa yake ya ɗebi alƙaluma daga abubuwan da ke kunne kullum, shi ya sa aikin da ke tashi ya gama yake ajiye nasa a Pushgateway, wata ma'ajiya da Prometheus ke ɗiba daga gare ta. Lodin na gamawa lafiya sai ya rubuta lokacin, doka kuma ta riƙa dubawa:

```yaml
- alert: LodiBaiGamaBa
  expr: time() - lodi_nasara_ta_karshe > 25 * 3600
```

Ita ma daga waje take kallo, don haka tana kama shirun. Sai dai ka lura iyakar tana yawo. In jiya an gama 1:45, saƙon yau zai fita 2:45. In jiya ƙarshen wata ne aka gama 2:20, sai 3:20. Haka kuma in Pushgateway ya sake kunnuwa ba a sa masa `--persistence.file` ba, alƙalumman sun ɓace, dokar ba ta da abin da za ta kwatanta, sai ta yi shiru. Maganinsa doka ta biyu da `absent()`.

Ƙarfinta yana wajen Alertmanager, ɓangaren da ke tura saƙonnin. Yana dunƙule saƙonni masu dangantaka su zo a ɗaya, yana danne na ƙananan ayyuka idan rumbun bayanan ne gaba ɗaya ya faɗi, yana maimaita gargaɗin da ba a magance ba (duk awa 4 a saitin asali), kuma ana iya rufe bakinsa na ɗan lokaci ranar da aka shirya gyara. Manhajojin kyauta ne, abin da ake biya lokacin ma'aikaci ne, kuma ba kaɗan ba.

| Ma'auni | Sikirif | Airflow | Mai gadi na waje | Prometheus |
|---|---|---|---|---|
| Ya faɗi da kuskure | nan take | bayan sake gwaji | nan take | a iyakar gargaɗi, nan take sai an ƙara doka |
| Ya maƙale | lokacin yankewa | lokacin yankewa, ko da wa'adi | a iyakar gargaɗi | a iyakar gargaɗi |
| Sabar ta mutu | shiru | in mai tsarawa na raye | yana kamawa | in a wata saba yake |
| Bai tashi ba | shiru | shiru in an dakatar | yana kamawa | yana kamawa |
| Kuɗi | babu | babu in yana nan | kyauta ga ayyuka kaɗan | lokacin ma'aikaci |
| Kafawa | rabin awa | layuka kaɗan | 'yan mintuna | kwanaki in daga tushe |
| Bayanin dalili | gwargwadon rubutunka | mai yawa | kaɗan | kaɗan |

Akwai lalacewa ta biyar da babu ɗaya cikinsu da ke gani: lodi ya gama cikin minti 3, ya fita da sifili, bai kwaso ko layi ɗaya ba, saboda fayil ɗin da ake jira ya zo wayam. Wannan a cikin `lodi.sh` ake toshe shi. A ƙirga layukan da aka zuba, in sun gaza abin da hankali zai ɗauka, misali rabin na rana irinta a makon jiya, a fita da lambar da ba sifili ba. Daga nan kowace hanya za ta ɗauka.

Shi kansa zauren

Bot na Telegram kyauta ne, a wajen BotFather ake buɗe shi. Saƙo ɗaya ba ya wuce harafi 4096, kuma bot ba ya tura fiye da 20 a minti ga zaure ɗaya, don haka kada a juye masa kundin aiki gaba ɗaya. Layi 20 na ƙarshe sun isa. Abin da ya fi cizo shi ne idan ƙaramin zaure ya koma babba, `chat_id` ɗinsa yana sauyawa zuwa lamba mai farawa da `-100`, tsohuwar ta daina aiki. A Slack, Incoming Webhooks adireshi ne guda da ake tura wa saƙo, kusan ɗaya a daƙiƙa, kuma duk wanda ya samu adireshin zai iya rubutu a zauren, saboda haka a ɓoye shi kamar kalmar sirri. WhatsApp kuwa, hanyarsa ta hukuma an gina ta ne don kamfani ya yi magana da abokan cinikinsa, ana biya, da saƙonnin da sai an amince da tsarinsu tukuna. Manhajojin bayan fage da ke kwaikwayon waya sun saɓa wa dokar amfani, ana iya rufe lambar, kuma ba za ka sani ba sai daren da kake buƙatarta.

Ko wanne aka zaɓa, saƙon ya faɗi sunan aikin, lokacin da ya fara, abin da ya faru, da wa'adin da ya rage. "Lodin ciniki ya fara 1:00, minti 90 bai gama ba, za a yanke shi 4:00" ya fi "KUSKURE" sau goma ga wanda ya farka da nauyin ido. A kuma ambaci sunan mai tsaron daren a ciki, don zauren mutum goma sha biyu kowa yakan ɗauka wani ya gani. Sannan duk wata ɗaya ko biyu a kayar da aikin da gangan da rana, a ga ko saƙon ya shigo.

Wa ya dace da wacce

Mai lodi ɗaya zuwa goma a kan `cron` ya ɗauki mai gadi na waje, ya haɗa da `timeout`. Nan ne ake samun kariya mafi yawa da aiki mafi ƙaranci, kuma shi zan zaɓa wa misalinmu. Sikirif shi kaɗai ya isa ne kawai inda rashin lodin kwana ɗaya ba ya cutar da kowa, kuma akwai mai buɗe rahoton kullum da safe.

Mai Airflow ya yi amfani da `on_failure_callback` don samun dalili, ya sa `execution_timeout` a kan matakan da ke taɓa rumbun bayanai, sannan ya ƙara mataki ɗaya a ƙarshen DAG ɗin da ke kiran mai gadi na waje. Wannan matakin ne zai tona asirin mai tsarawar ranar da ya kwanta.

Wanda ke da Prometheus tuni, da ayyukan dare da dama da ke faɗuwa tare idan rumbu ɗaya ya samu matsala, ya bi ta Alertmanager saboda dunƙulewar saƙonni, da sharaɗin yana zaune a saba daban da ta lodin. Inda kuma doka ta hana sabar magana da waje, zaɓin ya rage tsakanin wannan da kafa Healthchecks a wata saba ta cikin gida, wadda ita kaɗai za a buɗe wa hanyar isa Telegram ko Slack.